Dogon lagwani a tsakar dare: yadda ake gane faɗuwar gaske da ta wucin gadi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon kayan waya a Sabon Garin Zariya, ina ɗan taɓa kirifto a gefe. Daren Asabar na sayi wani ƙaramin koin guda 2,000 a kan santi 50 na dala kowanne, na sa odar tsayar da asara a santi 47, na kwanta. Da asuba na tarar an sayar min a santi 44, farashi kuma ya koma 50 kamar ba abin da ya faru. Yaya zan karanta jadawalin kasuwar da ba ta barci?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya mayar da alheri. Buɗe jadawalin wancan daren mu duba tare.

Kowane kyandir da kake gani a jadawali labari huɗu yake bayarwa: farashin da aka buɗe da shi, wanda aka rufe da shi, mafi tsada da aka taɓa, da mafi araha. Jikin kyandir shi ne tsakanin buɗewa da rufewa. Siririn zaren da ya fito sama ko ƙasa shi ne lagwani, kuma ciniki ɗaya tak ya isa ya zana shi. Ko da koin goma aka sayar a santi 44, lagwani zai sauka har 44, tsawonsa daidai da na ranar da aka sayar da miliyan goma a wurin. Don haka lagwani yana faɗa maka inda farashi ya taka ne kawai. Inda kasuwa ta yarda ta zauna, wannan sai ka duba rufewa.

Abin da ke zana irin wannan lagwanin ba a jadawali yake ba, yana cikin jerin tayin da ke jiran ciniki, wanda dandalin cinikin kirifto ke rubuta wa Order Book. A ce a daren nan, daga santi 50 zuwa 47, duk masu tayin saye idan aka haɗa su koin 55,000 suke nema. Kuɗinsu bai kai dala 27,000 ba. Mutum ɗaya ya zo da koin 55,000 ya danna Market, wato a sayar masa ko nawa ne. Zai cinye tayin 49, ya cinye na 48, ya dire a 47 cikin daƙiƙa guda. A nan ne odarka ta farka, kuma ba kai kaɗai ba ne, domin kowa yana son ajiye tasa a lamba mai daɗin faɗi ko ƙasa kaɗan da inda farashi ya tsaya jiya. A ce odojin da suka farka tare sun kai koin 40,000. Mai tayi na gaba yana santi 45 da rabi, 20,000 kawai yake so. Sauran 20,000 sai suka gangara zuwa 44, naka na ciki. Daga nan masu sayarwa suka ƙare, 'yan kasuwar da ke sa ido da na'ura suka ga koin ya fi araha a nan fiye da sauran dandali, suka saye, farashi ya koma mazauninsa.

Ka lura da abin da odar tsayar da asara ta yi alkawari. Ta ce idan farashi ya taɓa 47 za ta sayar. Ba ta ce za ta sayar a 47 ba. Shi ya sa asarar da ka shirya ta dala 60 ta zama 120.

Ka san yadda kasuwar hatsi take idan rana ta yi gora, manyan dillalai sun tashi. Manomi ya iso a makare da buhun masara, yana son kuɗin mota, mutum biyu ne kawai suka rage. Zai sayar a wulaƙance, amma ba wanda zai ce farashin masara ya karye a Giwa. Bambancin shi ne kasuwar hatsi tana watsewa kowa ya san ta watse. Ta kirifto fitilunta a kunne suke dare da rana, sai ka ɗauka cike take alhali dillalan sun tafi.

Saboda haka ka riƙe agogon kasuwar a kanka. Ciniki ya fi kauri daga hantsi, lokacin da Turai ke aiki, ya ƙara kauri idan kasuwar hannun jari ta New York ta buɗe, wato ƙarfe 2:30 na rana agogon Najeriya daga Maris zuwa farkon Nuwamba, ko 3:30 a sauran watanni. Tana rufewa ƙarfe 9 ko 10 na dare. Bayan nan tayi yakan yi sirara, Asabar da Lahadi kuma abin ya fi muni, domin bankuna a rufe suke, manyan masu kuɗi sun rage hannu. Ka shiga ƙaramin koin a daren Asabar, wato ka haɗa ƙaramar kasuwa da lokacin da ta fi zama fayau. Haka kuma kyandir ɗin yini, 1D, a yawancin dandali yana rufewa ne ƙarfe 12 na dare agogon UTC, wanda ya yi daidai da ƙarfe 1 na dare a Zariya. Canza agogon jadawali zuwa UTC+1 yawanci yana gyara lambobin da ke ƙasa ne kawai, ba ya matsar da lokacin rufewar.

To, da safe ka ga dogon lagwani, ta yaya za ka san ko faɗuwar gaske ce? Fara da sauke jadawalin zuwa 1m, kyandir na minti ɗaya. Idan duk saukar da dawowar sun faru cikin kyandir ɗaya ko biyu, rami ne aka faɗa a jerin tayi. Idan kuwa farashi ya yi minti talatin ko arba'in yana ciniki a ƙasa kafin ya taso, to akwai masu sayarwa na gaske a wurin, kuma mai yiwuwa ne su dawo.

Sai ka buɗe koin ɗin a wani dandali dabam, daidai wannan mintin. A TradingView, shafin kallon jadawali, kana rubuta sunansa za ka ga jerin dandalin da ke cinikinsa. Wannan gwajin ya fi kowanne ƙarfi a wurina. Idan naka ya nuna 44, sauran biyu suka tsaya a 49, matsalar ta gida ce, ba ta koin ɗin ba. Ranar 21 ga Oktoba 2021, bitkoyin yana kusan dala 65,000, amma a Binance.US ya faɗo zuwa 8,200 ya koma cikin minti guda, sauran manyan dandali ba su ga irin wannan farashin ba. A Yuni 2017 ma Ether ya sauko daga sama da dala 300 zuwa santi 10 a dandalin GDAX, bayan wata babbar odar sayarwa ta tayar da ɗaruruwan odojin tsayar da asara, suka yi ta rufta wa juna. Manyan koin ke nan, ina ga naka.

Sandunan Volume da ke ƙarƙashin jadawali, masu nuna yawan cinikin da aka yi, suna buƙatar natsuwa, domin nan mutane ke ruɗewa. Dogon lagwani a kan gajeriyar sanda yana nufin kuɗi kaɗan ne ya motsa farashi, kasuwa ce ta zama wayam. Dogon lagwani a kan sandar da ta ninka maƙwabtanta sau da yawa kuwa yawanci dandali ne ya yi ta rufe cinikin masu wasa da bashi da ƙarfin tsiya, kowace rufewa tana tura farashi zuwa ga ta gaba. Na biyun ya fi haɗari, domin bayansa kasuwa takan ɗauki sa'o'i tana rawa, wani lokacin ma ta koma ta sake taɓa ƙasan lagwanin. Kada ka yi saurin cewa araha ta samu.

Hukuncin ƙarshe na rufewa ne. Kyandir ɗin 4H, na awa huɗu, yana rufewa ƙarfe 1 na dare, 5 na asuba, 9 na safe, 1 na rana, 5 na yamma da 9 na dare, agogonmu. Na ƙarfe 5 na asuba da na 9 na dare sun dace da mai shago: ɗaya wajen sallar asuba, ɗaya bayan an rufe shago. Idan kyandir ya rufe ƙasa da layin da ka zana a inda kake sa ran farashi zai tsaya, layin ya karye. Idan lagwani ne kawai ya leƙa ƙasa jiki ya dawo sama, layin yana nan.

Sai dai kada ka fahimci maganata a matsayin ka daina sa odar tsayar da asara ka jira rufewa. Wata rana saukar ba za ta dawo ba, kana barci. Gyaran yana wurin da kake ajiye odar da kuma yawan abin da kake saye. Koma baya a jadawalin 4H na mako uku ko huɗu, ka ga iya zurfin da lagwanin dare ke kaiwa a wannan koin. Idan ya saba leƙawa santi 5 ko 6 ƙasa, odar da ke santi 3 kacal daga farashi tana kwance ne a kan hanyar mota. A ce ka mayar da ita 43. Tazara ta zama santi 7. Kana son asararka ta tsaya a dala 60, sai ka raba 60 da 0.07, ka sami kusan 857. Ke nan koin 850 ya kamata ka saya, na dala 425, ba 2,000 ba. Riba za ta ragu, gaskiya ne, amma da haka ka yi da lagwanin daren Asabar ya tsaya a 44 bai taɓa ka ba.

Wasu za su ce ka koma Stop-Limit, inda kake faɗin farashin farkawa da kuma mafi ƙarancin da za ka karɓa, misali ta farka a 47 kada ta sayar ƙasa da 46 da rabi. Tana hana a sayar maka a 44. Amma idan farashi ya tsallake 46 da rabi ya ci gaba da gangarawa, ba abin da za a sayar, ka wayi gari da koin a hannu yana santi 35. Kowace oda da irin ramin da take da shi, kuma ga ƙaramin koin da dare, ni na fi amincewa da rage yawan saye a kan dabarar oda.

Idan kana taɓa Futures, inda ake ciniki da ninkin jarin da aka ajiye, za ka ga zaɓi tsakanin Last Price da Mark Price. Na farko cinikin ƙarshe ne a dandalinka kaɗai, na biyu kuma ana lissafa shi daga farashin dandali da yawa, don haka lagwanin gida bai cika tayar da shi ba. Amma ka sani, mai ninki goma motsin da bai kai kashi 10 cikin ɗari ba ya isa ya cinye jarinsa, saukar da ka gani kuwa kashi 12 ce.

Kafin ka sake sayen kowane ƙaramin koin, duba shafin Markets a CoinGecko ko CoinMarketCap, masu tattara bayanan koin, ka nemi layin -2% Depth na dandalin da kake amfani da shi. Yana nuna dalar da za a sayar kafin farashi ya sauka da kashi 2. Ya fi adadin cinikin awa 24 gaskiya, domin wancan ana iya kumbura shi da cinikin ƙarya, ko da yake tayi ma ana janye shi idan kasuwa ta rikice. Duba shi sau biyu, ranar Talata da la'asar da kuma daren Asabar, ka kwatanta. Idan na daren 'yan dubban daloli ne, koin ɗin ba na kwana da shi da oda a kusa ba ne: ko ka rage shi zuwa abin da za ka iya jure saukarsa, ko ka fita kafin ka rufe shago ranar Juma'a.