Kalmar da aka soke a daftari: in buga ta ko in tsallake?

Tambaya: Malam, an ba ni daftarin wani marigayi, rubutun hannu shafi 40, in buga a kwamfuta. Duk ya cika da soke-soke, wasu kalmomi a saman layi, wasu a gefe. Wani ya ce in tsallake duk abin da aka soke kawai. Ina tsoron in sa masa maganar da bai faɗa ba.

Amsa: Tsoronka yana kan hanya, kuma wanda ya ba ka shawarar nan, Allah ya shirye shi. Kullum sai na yi fama da masu wannan ra'ayi, wai layi ya bi ta kan kalma, shi ke nan ta mutu. Wa ya ja layin? Ba sa tambaya. Daftari yana bin hannuwa, kowa da bironsa.

An taɓa kawo mini wani shafi da aka rubuta "za a raba ribar daidai", an soke "daidai", an sa "bisa aiki" a sama. Mai bugu ya ɗauki na saman ya wuce abinsa. Da na duba asalin, tawadar gyaran shuɗiya ce, ta sauran shafin baƙa, kuma harafin "b" na gyaran yana da lanƙwasar da babu irinta a ko'ina cikin daftarin. Ashe hannun wani ne. Ga kuma ɗige-ɗige a jere ƙarƙashin "daidai", alamar da masu gyaran rubutu ke yi idan sun fasa sokewa. Wato kalmar tana nan daram, kwafin da aka buga kuwa ya juya maganar.

Don haka kwafi biyu za ka yi. Na farko ya ɗauko komai yadda yake a takarda, har da abin da aka soke. A tsarin TEI, wato ƙa'idar sa wa rubutu alamomi a kwamfuta, haka ake rubuta shi:

```
za a raba ribar <del>daidai</del>
<add place="above" hand="#h2">bisa aiki</add>
```

In wannan ya yi maka nauyi, baka mai kusurwa ta isa: [soke: daidai] [sama, wani hannu: bisa aiki]. Ka bayyana alamominka a shafin farko. Daga wannan kwafin ne za ka fitar da na karatu. Inda tawada ta rufe kalma, rubuta [soke: ba ya karantuwa], kada ka yi cinke.

Rubutun gefe kuwa, nemi alamar da ke nuna mazauninsa, ko ^ ko tauraro ko kibiya. In babu, bar shi a matsayin [gefe: …] daidai layin da yake kallo, domin sau da yawa tunatarwa ce marubuci ya yi wa kansa, kamar "a duba wannan adadi", ba jimlar da za a cusa cikin zance ba.