Na haɗa imel uku a akwati ɗaya, me ya sa wasu saƙonni ba sa isowa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da adireshin imel uku: Gmail, wani tsoho da na daɗe da shi, da na sana'ata mai sunan kamfanina. Na saita biyun su riƙa tura komai zuwa Gmail. Amma saƙonnin banki da lambobin tantancewa wani lokaci ba sa zuwa, ko a Spam ba na ganinsu. An ce in bar turawa in koma ɗaukowa. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kafin ka sauya komai, shiga akwatunan biyu da suke turawa kai tsaye ka duba Spam ɗinsu. Yawancin masu ba da imel sai sun tace saƙo kafin su tura shi gaba, kuma wanda suka ɗauka na banza ne a nan yake tsayawa. Gmail bai ma san an aiko shi ba. Idan ka same su a can, matsalarka ƙarama ce.

Idan babu su a can, to akwai yiwuwar Gmail ne ya ƙi karɓa tun a bakin ƙofa, kuma wannan yana buƙatar bayani. Saƙon da aka turo ba daga sabar banki yake iso wa Gmail ba, wato kwamfutar da ke aika masa imel, daga sabar akwatin da ya turo shi yake zuwa, misali ta kamfaninka, alhali a samansa an rubuta daga banki yake. Haka kuma 'yan damfara suke yi. Don haka Gmail yana yin bincike iri biyu. Na farko shi ne SPF: bankin ya wallafa jerin sabobin da ya yarda su aika saƙo da sunansa, sabar kamfaninka kuwa ba ta cikin jerin, sai binciken ya faɗi. Na biyu DKIM ne, wato sa hannu na lissafi da bankin ya yi a kan saƙon. Shi wannan yana tsira daga turawa muddin ba a taɓa saƙon ba. Amma in sabar tsakiya, wato wadda ta turo shi, ta ƙara layi a ƙasa cewa an duba ƙwayoyin cuta, ko ta saka wata alama a kan taken saƙon, sa hannun ya lalace.

Daga nan sai DMARC ya yanke hukunci. Da shi mai aikawa yake gaya wa duniya abin da za a yi da saƙon da ya faɗi duka biyun. Bankuna da manyan kamfanoni da yawa sun saka p=reject, ma'ana a ƙi karɓa. Yahoo ma ta yi haka tun a 2014. Saƙon ba zai shiga Inbox ba, ba zai shiga Spam ba, sanarwar ƙin karɓar kuma sau da yawa tana komawa ne ga adireshin bankin da babu mai karantawa. Shi ya sa saƙon ɗan'uwanka yake zuwa lafiya, na banki kuma shiru: wanda ya fi tsaurara tsaro shi ne turawa ta fi cutarwa.

Za ka iya gani da idonka. Buɗe wani saƙo da aka turo ya iso, a kwamfuta, ka danna ɗigo ukun da ke gefensa ka zaɓi Show original. Za ka ga wani abu mai kama da wannan:

```
spf=fail smtp.mailfrom=banki.example
dkim=pass header.d=banki.example
dmarc=pass header.from=banki.example
```

Wannan saƙon da ƙafa ɗaya ya tsallake. SPF ya faɗi, DKIM ya cece shi. Ranar da ka ga dkim=fail a saƙonnin da aka turo, ka san sabar tsakiya tana taɓa su, sai ka kashe ƙarin rubutun ko ka sa mai kula da sabar ya kashe. Wataƙila ya ce maka ai sun kunna SRS. Yana da kyau, amma kada ka saki jiki. SRS yana sauya ɓoyayyen adireshin mai aikawa da SPF ke dubawa ya koma na kamfaninka don SPF ya wuce, sai dai DMARC yana son sunan da ya wuce ya dace da wanda ke layin From. Har yanzu dai DKIM ne ke riƙe da saƙon.

Ɗaukowa ba ta da wannan ciwon, domin saƙon ya riga ya sauka a akwatinsa na asali, kai ne kake zuwa da kalmar sirri ka kwashe. Amma tana da nata. POP3, wato tsarin ɗaukowar, wanda ke amfani da tasha 995, Inbox kawai yake kwasa. Abin da ke Spam ko wata jaka ba ruwansa. Kuma a asalin tsarinsa yana goge saƙo daga sabar bayan ya ɗauka, sai in ka zaɓi a bar kwafi. Mutum ya haɗa akwatin shekara goma ba tare da wannan zaɓin ba, ya buɗe a waya ya tarar wayam. Ga jinkiri: ana leƙawa ne lokaci-lokaci, lambar tantancewa mai minti biyar ko goma tana iya mutuwa kafin ta iso. Mafi muni a wurina shi ne idan ka sauya kalmar sirrin tsohon akwatin ka manta da mai ɗaukowa. Zai tsaya, kai kuma ka ɗauka kasuwa ce ta yi sanyi.

Akwai kuma abin da mai ba ka shawarar wataƙila bai ji ba. Google ta sanar a 2025 cewa za ta janye Check mail from other accounts, wato ɗaukowa ta POP a cikin Gmail, tare da Gmailify, tsarin da ke haɗa akwatin wani kamfani da Gmail, daga 2026. Ba zan so ka gina harkarka a kan abin da mai shi ya ce zai rushe ba.

Da ni ne kai, zan bar kowane saƙo a gidansa, in haɗa su a ido kawai. Ka saka akwatunan uku a manhaja ɗaya ta hanyar IMAP, tasha 993, ko Thunderbird a kwamfuta ko manhajar Gmail a waya, inda All inboxes yake nuna su a jeri ɗaya. IMAP yana nuna maka abin da ke sabar ne, da jakunkuna duka har da Spam, kuma amsa tana fita da adireshin da aka rubuto wa. Ka lura dai, abin da ka goge a nan ya gogu a can. Idan akwatin yana da tantancewa mai mataki biyu kuma manhajar ta ƙi kalmar sirrinka, App password take nema, wato kalmar sirri ta musamman da ake ƙirƙira wa manhaja a saitin akwatin.

Tsohon adireshin da ba ka cika amfani da shi ba, ana iya barin turawarsa, da sharaɗin ka zaɓi a ajiye kwafi. Na sana'a kuwa ka cire masa turawa, musamman in kana amsa wa abokan ciniki: a Gmail amsar za ta fita da adireshinka na Gmail, sai in ka saita Send mail as da sabar SMTP ta kamfaninka, wato mai aika saƙo, tasha 587 ko 465. Banki da duk inda ake aiko maka lambar tantancewa, shiga ka sauya adireshin zuwa akwatin da kake buɗewa kullum. Bayan ka gama, ka aika wa kowane adireshi saƙon gwaji daga wani akwati dabam, ba daga Gmail ɗin da ke karɓa ba, domin Gmail yakan ƙi nuna saƙon da kai ka aika ya zagayo ya dawo maka a Inbox.