Fitila ta kama a dashbod: in tsaya ko in ci gaba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ban daɗe da koyon tuƙi ba, kuma na sayi mota ta hannu. Shekaranjiya fitila mai ruwan ɗorawa mai siffar inji ta kama, ta ƙi mutuwa, amma motar lafiya lau take tafiya. Yayana ya ce in rabu da ita, sai ta zama ja ake damuwa. Gaskiya ne? In kuma ja ta kama ina tsakiyar hanya, me zan yi? Sannan ko ya dace in sayi 'yar na'urar nan da ake jona wa mota ta faɗi matsalarta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Yayanki ya yi rabin gaskiya. Launin fitila yana gaya miki yawan lokacin da ya rage miki ne kafin ɓarna ta auku. Kamfanonin ƙera motoci suna bin ƙa'ida guda ta ƙasa da ƙasa, ISO 2575, wadda ta ware ja domin haɗari, ruwan ɗorawa domin gargaɗi, kore domin nuna cewa wani abu yana aiki, shuɗi kuma domin babbar fitilar gaba. Ja na nufin daƙiƙu ko 'yan mintuna gare ki. Ruwan ɗorawa na nufin kwanaki gare ki, amma kwanakin ƙididdigaggu ne. Inda yayanki ya kuskure shi ne, a yawancin motoci fitilar inji ba ta taɓa komawa ja. Wanda ya zauna jiran ta canza launi zai yi ta jira har abin da take gargaɗi a kai ya lalace.

Kafin komai, gobe da safe ki murɗa makulli zuwa inda fitilu ke kamawa ba tare da kin tayar da inji ba. Idan motar mai maɓalli ce, ki danna shi ba tare da taka birki ba. Kusan duk fitilun za su kama lokaci guda, kuma ya kamata su mutu cikin 'yan daƙiƙu bayan injin ya tashi. Ki lura da wadda ba ta kama ba sam. A motar hannu wannan gwaji yana da amfani ƙwarai, domin akwai masu cire ƙwan fitilar inji ko ta jakar iska kafin su sayar, don mai saye ya ga dashbod tas.

Mu fara da ja, tunda ita ce ba ta ba da damar tunani. Mafi gaggawa a cikinsu ita ce mai siffar butar mai da ɗigo a bakinta. Mutane da yawa sun ɗauka cewa tana nufin baƙin mai ya ragu. Abin da take nufi ya fi haka muni: ƙarfin da ke tura man zuwa sassan inji ya faɗi. A ma'aunin ƙarfin da ake kira bar, inji mai lafiya yana tura mai da ƙarfin bar 2 zuwa 4 in ana tafiya, fitilar kuwa a motoci da yawa ba ta kamawa sai ƙarfin ya sauko ƙasa da rabin bar ɗaya. Kafin ki gan ta, ƙarfe ya kusa fara gugar ƙarfe ke nan. Tafiyar minti biyu ko uku a haka ta isa ta sa inji ya buga.

Saboda haka ki kunna sigina, ki gangara gefen hanya inda babu haɗari, ki kashe injin nan take. Kada ki kashe shi motar tana gudu, domin sitiyari zai yi nauyi, birki ma zai yi tauri bayan taka ɗaya ko biyu. Ki jira minti 5 zuwa 10 mai ya koma ƙasa, ki zaro sandar awon mai, ki goge ta, ki mayar har ƙarshe, ki sake zarowa. Akwai alamomi biyu a jikinta, kuma tsakaninsu a ƙananan motoci kusan lita 1 ce. Idan man yana ƙasa da alamar ƙasa, ki zuba rabin lita, ki jira kaɗan, ki sake aunawa har ya shiga tsakanin alamomin. Ki leƙa ƙarƙashin motar ko yana zuba. Daga nan ki tayar da injin: in fitilar ta mutu cikin 'yan daƙiƙu kuma babu ƙarar ƙwanƙwasa, za ki iya lallaɓawa zuwa wurin bakanike. In kuwa kin auna kin tarar man cike yake amma fitilar tana nan, to kada ki sake murɗa makulli. Mai yiwuwa 'yar na'urar awon ƙarfin man ce kawai ta lalace, mai yiwuwa kuma famfon mai ne ko rariyarsa ta toshe, kuma a bakin titi ba yadda za ki bambance. A kira motar da za ta ja ta. Wasu motoci suna da butar mai ruwan ɗorawa, sau da yawa da layi mai lanƙwasa a ƙarƙashinta, ita ce ke nufin mai ya ragu kawai, a ƙara a tsayawa ta gaba.

Ta biyu ita ce jar fitilar zafi, mai siffar ma'aunin zafi a cikin ruwa. Injin mota yana aiki ne a wajen digiri 90 zuwa 105. In ta kama, ki kashe na'urar sanyi, ki tsaya, ki kashe injin. Kuskuren da ke kai mutane asibiti a nan shi ne buɗe murfin lagireto. Ruwan ciki a matse yake, shi ya sa yake wuce digiri 100 bai tafasa ba, kuma da an sassauta murfin sai ya tafasa gaba ɗaya ya feso fuska. Ki ba shi aƙalla minti 30, sannan ki duba robar ajiyar ruwa da ke gefe, mai alamar MIN da MAX. Kada kuma a kwarara ruwan sanyi a kan inji mai zafi. Idan hoton nan ya fito shuɗi ko kore da safe, injin bai ɗumama ba ne kawai, zai mutu da kansa.

Fitilar batir ja ce, amma ta fi waɗannan biyun sassauci, sai dai da sharaɗi. Ba batir take zargi ba, altaneta ce ta daina caji. Batir mai lafiya yana nuna bolt 12.6 in inji a kashe yake, ya hau 13.8 zuwa 14.4 in yana aiki. Da caji ya tsaya, motar tana cin abin da ke cikin batir ne, kuma hakan yakan kai ki ɗan nisa in kin kashe na'urar sanyi da rediyo. Ga sharaɗin. A ce kina tafiya sai fitilar batir ta kama, a daidai lokacin sitiyari ya yi nauyi, bayan minti biyu allurar zafi ta fara hawa. Za ki ga kamar abubuwa uku ne suka lalace, alhali ɗaya ne: fambel ya tsinke. A motoci da yawa bel guda ne ke juya altaneta da famfon sitiyari da famfon ruwa. A irin wannan hali batun lallaɓawa ya ƙare, domin ruwa ba ya zagayawa. Wanda ya tsaya, bel kawai zai saya. Wanda ya matsa don ya ƙarasa gida yana iya ƙona gasket ɗin kan inji, kan injin ma ya lanƙwashe. To duk lokacin da fitilar batir ta kama, idonki ya koma kan allurar zafi.

Jar fitilar birki, mai alamar motsin rai a cikin da'ira, sau da yawa birkin hannu ne ba a sauke duka ba. In an sauke tana nan, man birki ya ragu. Ki rage gudu, ki tsaya, ki duba robarsa. In birkin yana nutsewa ƙasa kamar an taka soso, akwai inda yake yoyo, kuma wannan mota ba ta ƙara tafiya da kanta. In za a ƙara man, a duba murfin, an rubuta irinsa, DOT 3 ko DOT 4 galibi. Ita kuwa fitilar ABS ruwan ɗorawa ce, kuma in ita kaɗai ta kama birkinki yana aiki, sai dai tayoyi za su iya kullewa in kin taka da ƙarfi a kan jiƙaƙƙen titi, don haka ki bar tazara. In suka kama tare da jar, ki ɗauke su duka a matsayin ja.

Yanzu mu dawo kan fitilarki ta inji. Tunda fitilar a tsaye take, ba ta ƙiftawa, kuma motar ba ta rawa, ba ta rasa ƙarfi, za ki iya ci gaba da zirga-zirgar kusa, amma ki kai a duba cikin makon nan, kuma ki ɗage doguwar tafiya. Kafin nan ki buɗe murfin tankin fetur ki sake ɗaure shi har ya yi ƙara. Sakakken murfi yana kunna wannan fitila a motoci da yawa, kuma ko an ɗaure takan ɗauki tafiye-tafiye da dama kafin ta mutu. Babbar illar barinta a kunne ita ce fitila ɗaya ce ke wakiltar ɗaruruwan matsaloli. In kin saba da ita saboda ƙaramin abu, ranar da babban ya zo ba za ki sani ba.

Abu ɗaya ne ke mayar da ita ta gaggawa: ƙiftawa. In ta fara ƙiftawa, wata silinda ba ta ƙona fetur yadda ya kamata, ɗanyen fetur yana gangarawa cikin salansa yana ƙonewa a cikin katalis, wato matatar hayaƙin da ke jikin salansar, har saƙar da ke cikinsa ta narke. Yawanci za ki ji motar tana karkarwa. Ki ɗaga ƙafa daga totur, ki nemi wurin tsayawa. Sau da yawa fulogi ɗaya ne ko kwayil ɗaya, abin da bai kai kusa da kuɗin katalis ba.

Batun na'ura kuwa, ra'ayinmu shi ne ki saya, amma ƙaramar. Abin da za ki nema shi ne mai karanta OBD-II, wato tsarin da kwamfutar mota ke bayyana matsalolinta ta cikinsa. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996, da na fetur na Turai daga 2001, suna da mahaɗinta mai rami 16, galibi a ƙarƙashin sitiyari. Akwai mai ɗan allo a jikinta, akwai wadda ke haɗuwa da waya. Ga sabon direba mai allon ta fi sauƙi. Za ta nuna miki lamba: P0301 na nufin silinda ta 1 tana fashin wuta, P0420 na nufin aikin katalis ya yi ƙasa, P0455 na nufin tururin fetur yana fita sosai daga wani wuri, wanda murfin tanki kan jawo.

Sai dai ki san iyakarta. Lambar tana nuna inda kwamfutar mota ta ga alama ne, ba ta cewa ga abin da za a saya. P0301 yana iya zama fulogi, ko kwayil, ko injekta, kuma bakanike nagari yakan sauya kwayil ɗin silinda ta 1 da ta 2 ya gani: in lambar ta koma P0302, kwayil ne. Ƙananan na'urorin kuma galibi inji kawai suke karantawa, ba sa shiga ABS ko jakar iska, kuma ba su da abin da za su yi miki a kan jar fitilar mai. Akwai maɓallin goge lamba a jikinsu. Kada ki taɓa shi kafin gyara, domin yana share bayanan da kwamfutar ta adana na yanayin injin a lokacin da matsalar ta faru, bakanike kuma da su yake fara bincike. Ki rubuta lambar, ki rubuta ko injin da sanyi yake ko da zafi lokacin da fitilar ta kama, da irin gudun da kike yi, ki tafi masa da su.