Me ya sa maigidana yake amsa sunan "Kabeji"?

Tambaya: Malam, watana bakwai da aure. Maigidana dillalin kayan gwari ne a kasuwar Farin Gada, kuma kowa "Kabeji" yake ce masa, har mahaifiyarsa. An ce tun yana firamare yara suka laƙaba masa don kansa ya yi wa jikinsa girma, har dambe ya sha yi a kai. Yanzu da fara'a yake amsawa, ni ce abin yake ci wa rai. Yaya zagi ya koma haka? In sa baki ne ko in yi shiru?
Wata amarya daga Unguwar Rogo, Jos

Amsa: Amarya, damben nan shi ne ƙusar farko da ta kafe sunan. A aji ɗaya yara sukan jefi juna da sunayen tsokana barkatai, yawancinsu ba sa kwana biyu. Wanda yake rayuwa shi ne wanda aka jefa aka ga mai shi ya zabura. Da ranar farko ya yi kunnen uwar shegu, da wataƙila yau ba wanda ya tuna. Amma ya ɗauki dutse ya bi su, suka gane sun samu abin wasan da ba ya ƙarewa.

Sai dai fushi yana riƙe suna ne na 'yan shekaru kawai. Abin da ya kawo shi har cikin ɗakinki amfaninsa ne. Ki je Farin Gada da sassafe, lokacin da ake sauke buhunan kabeji da karas, ki tsaya ki ƙwala kiran "Muhammadu" ko "Usman", ki ga mutum nawa za su waigo. Sunan yanka na mutane da yawa ne, laƙabi kuwa na mutum ɗaya ne. Direban da ya ɗauko kaya ba zai ce a kai wa Usman ba, don sai an tambaye shi wane Usman ɗin. Da ya ce "na Kabeji ne", magana ta ƙare. Ga shi kuma sunan ya zo ya dace da sana'arsa, har baƙo zai ɗauka daga kasuwa ya samo shi. Da haka yake shiga littafin bashi, ya shiga wayoyin abokan ciniki, wata rana ma a ɗora masa Alhaji a gaba.

A irin wannan yawan kira ne ma'anar take gogewa, kamar yadda rubutun tsohon kwabo yake shafewa a hannun mutane. Ke da kika ji shi jiya-jiya, da an faɗa sai ki hango ƙaton kai. Su da suka shekara ashirin suna faɗa, mutumin kawai suke gani. Mu a nan Jos muna da babban misali. Marigayi Adamu Wayya, mai kuntigi, wanda ya rasu a 2015, duniya Ɗan Maraya ta san shi, kuma asalin sunan rashin iyaye ne tun yana ƙarami. Wa yake jin tausayi idan an ce Ɗan Maraya Jos? Girma ake ji.

Batun surukarki shi ya fi jan hankalina. Ki bincika a hankali, ina kyautata zaton ko shi ne ɗan farinta, ko kuwa sunan mahaifinta ko na surukinta aka sa masa. Uwa Bahaushiya ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta kuma kama sunan wanda ya ci sunan manya, saboda alkunya. Dole ta samu abin da za ta kira shi da shi. Idan ba a riga an yi masa Abba ko Baffa ba, sai ta ɗauki wanda ta ji yara suna kira a ƙofar gida. Ranar da sunan ya fito daga bakin da yake cewa "zo ka ci tuwo", dafinsa ya fara fita.

Kuma kada ki ɗauka mummunan suna a bakin uwa baƙon abu ne a wurinmu. Matar da take wabi, wato 'ya'yanta suna mutuwa suna ƙanana, takan kira wanda ta samu Ajuji ko Ajefas ko Ayashe, kamar ba ta damu da shi ba, alhali duk duniya ba ta da kamarsa. Kaka tana ce wa jikarta kishiya, ta kushe mata girki. Taubasai, ɗan mace da ɗan namiji, suna yi wa juna tsiya a bainar jama'a ba mai fushi, haka Bafulatani da Babarbare. Bahaushe ya daɗe yana ɓoye ƙauna a cikin zolaya, domin faɗinta ƙarara kunya yake ba shi. Abokin da ya ce "Kabeji, ashe kana raye?" abin da yake nufi shi ne, na san ka tun ba ka da ko sisi, kuma ina da hurumin da sabon abokin ciniki ba shi da shi.

To amma ba kowane laƙabi ne yake yin wannan juyin ba, kuma a nan ne damuwarki take da gurbi. Aya ta 11 a Suratul Hujurati ta hana jifan juna da miyagun laƙubba. Duk da haka malaman hadisi sun san Sulaimanu ɗan Mihran da Al-A'amash, mai raunin gani, suka kuma halatta irin wannan idan don a gane mutum ne, ba don a muzanta shi ba. Ga Sayyidina Aliyu, wanda Annabi (SAW) ya tarar kwance a masallaci ƙasa ta ɓata masa baya, ya ce da shi Abu Turab, aka ce ba sunan da ya fi so kamarsa. Ma'aunin dai shi ne mai sunan. A ganina, sunan da ya taɓa abin da mutum ya riga ya wuce, kamar surar yarinta ko wata wauta ta rana ɗaya, shi ne yake yin laushi. Wanda ya taɓa naƙasar da yake fama da ita har yau, ko asalin gidansu, ko abin kunyar iyayensa, da wuya ya daina zafi, ko da mai shi yana yaƙe.

Saboda haka kada fara'ar ta ishe ki hujja, don akwai mai dariya saboda ya gaji da faɗa. Ki saurare shi idan ya kira wanda ba shi da lambarsa. In kin ji da bakinsa ya ce "Kabeji ne ke magana", ya riga ya karɓe sunan daga hannun waɗanda suka raɗa masa. Ki kuma lura ko yana ramawa. Idan aka ce masa Kabeji shi ma ya mayar da wani sunan aka tafa, wasa ne tsakanin tsara. Idan kuwa kullum shi ake kira, ya yi murmushi ya canza zance, ko kika ga fuskarsa ta sauya in an faɗa a gaban baƙi ko 'yan'uwanki, to da sauran miki a ƙasa.

In kin ga alamar farko, ki bar abokansa da shi, kada ma ki kusanci surukarki da zancen. Amaryar wata bakwai da ta fara gyara wa uwa yadda za ta kira ɗanta ta ɗebo ruwan dafa kanta. In ta biyun kika gani, ki tambaye shi ku biyu, cikin raha, ya ba ki labarin ranar da aka sa masa sunan, za ki ji a muryarsa. Ke dai kada ki kira shi da sunan ko da wasa, tunda ba da ke aka yi damben ba. Inda kike da ta cewa shi ne ƙannensa ƙanana da yaran gida, da 'ya'yan da Allah zai ba ku. Su ki koya musu Yaya da Baba tun bakinsu bai saba ba, ko da a unguwa za a ci gaba da ce musu 'ya'yan gidan Kabeji.