Me ya sa saurin kaɗa igiya ba ya ƙara wa taguwa gudu?

Tambaya: Malam, ina ajin ƙarshe na sakandare. An koya mana v = fλ, kuma an ce gudun taguwa a kan tsirkiya bai dogara da f ba, sai da yadda aka ɗame ta. To ga f a cikin lissafin, ta yaya za a ce ba ruwansa? Kuma idan aka ɗame tsirkiyar gurmi, ai muryarta ce ke tashi.

Amsa: 'Yata, lissafin da kika kawo gaskiya ne, amma bai faɗi wanda ke juya wani ba. Abin da ya ce kawai shi ne: idan kin san biyu daga cikin ukun, kin san na ukun. Hannunki, ko duk abin da ke kaɗa igiyar, shi ke zaɓar f, wato sau nawa ake kaɗawa a sakan ɗaya. Igiyar ita ke da ikon v, gudun da taguwa take yi a kanta, wato tudun nan da ke tafiya a jikin igiya idan an kaɗa ta. Shi kuwa λ, tazarar da ke tsakanin tudu da tudu, ba shi da ta cewa. Abin da waɗancan biyun suka bar masa shi yake ɗauka.

Ki samo igiyar shanya mai tsawon mita 10, a ce nauyinta giram 400. Kowace mita tana da kilo 0.04 ke nan, kuma wannan adadin shi ake rubutawa da μ. Ki ɗaure baki ɗaya a turke, ɗayan ki ratsa shi ta kan sandar ƙarfe mai santsi, ki rataya masa bokiti mai lita 10 na ruwa. Bokitin zai ja igiyar da ƙarfin da ya kai kusan niyuton 100, shi ne T. Gudun taguwa a kan igiya yana bin v = √(T/μ). Raba 100 da 0.04 ya ba da 2500, saiwarsa 50, domin 50 sau 50 ne ke ba da 2500. Duk wani tudu da kika tayar a wannan igiya zai yi mita 50 a sakan. Ki ɗan buge ta kusa da turken, ki riƙe ta sako-sako da yatsu biyu, za ki ji bugun ya je ya dawo ya taɓa ki. Zuwa da dawowa mita 20 ne, don haka dawowa biyar za su ci sakan 2.

Yanzu ki kaɗa ta sama da ƙasa kusa da turken, sau biyar a cikin sakan biyu. Igiyar gaba ɗaya za ta yi ciki guda tana lilo. Wannan cikin rabin taguwa ne, cikakkiyarta mita 20, kuma 2.5 sau 20 hamsin ne. Ki ninka saurin hannunki, sau 5 a sakan. Igiyar za ta rabu ciki biyu, da wani wuri a tsakiya da kusan ba ya motsi. Taguwar ta koma mita 10, kuma 5 sau 10 hamsin ne dai. Kin ninka f, λ ya ragu da rabi, v yana nan inda yake.

Dalilin haka shi na fi so ki riƙe, domin wanda ya haddace lissafi bai san tushensa ba, da an juya masa tambaya ya ɓace. Ki ɗauki ɗan guntun igiyar, kamar tsawon gaɓar yatsa. Idan igiyar a miƙe take, ja daga dama da ja daga hagu sun yi daidai, guntun ba ya zuwa ko'ina. Da zarar ta lanƙwashe a wurin, jan biyun ba sa kan layi ɗaya, sai a samu ragowar ƙarfi da ke mayar da guntun tsakiya. Girman wannan ragowar ya dogara da abu biyu: yadda aka ɗame igiyar, da tsananin lanƙwasar. Nauyin guntun kuma shi ke sa ya yi jinkirin amsawa. Shi ya sa T yake sama a lissafin, μ yake ƙasa.

To da kika ninka saurin kaɗawa, kowane guntu dole ya hau ya sauka a rabin lokacin da yake yi a da. Yin tafiya iri ɗaya a rabin lokaci yana neman ƙarfi ninki huɗu. Daga ina zai samu, alhali bokitin bai ƙaru ba? Daga lanƙwasa. Idan tudun bai canza tsayi ba amma faɗinsa ya ragu da rabi, tsananin lanƙwasarsa yakan ninka sau huɗu cif. Abin da saurin kaɗawa ya nema, matsewar taguwa ta biya shi daidai, babu rara babu gibi. Don haka f sau λ ba ya motsawa. Shekara da shekaru ina koyar da wannan, har yanzu wannan daidaiton yana burge ni.

Akwai gudun da yake ƙaruwa da gaske idan kin ƙara saurin kaɗawa: gudun da guntun igiyar yake yi sama da ƙasa. Ki ɗaura ɗan ƙyalle a jikinta ki gani, yana hawa yana sauka da sauri, amma ba ya matsawa gaba ko taku ɗaya. Ɗalibai da yawa wannan gudun suke gani da ido su ɗauka shi ne na taguwa.

Idan kina son taguwar ta ninka gudu, sai ki cire bokitin ki rataya jarka biyu masu lita 20 kowace, in igiyar za ta ɗauka. T ya zama kusan 400, v ya zama mita 100 a sakan. Ki lura da saiwar nan: ja ninki huɗu, gudu ninki biyu kacal.

Batun gurmi kuwa, a can babu hannun da ke tilasta wa tsirkiya sau nawa za ta kaɗu. Makaɗi ya fizge ta ya saki. Bakinta biyu a kafe suke, don haka tsawonta ya riga ya yanke λ: ninki biyu na tsawon da ke kaɗuwa. Da ya ɗame ta, v ya ƙaru, λ ba shi da wurin zuwa, sai f ya tashi. Gudun ne ya ja muryar sama. Idan kuma ya danne tsirkiyar da yatsa, ya rage tsawo ne, murya ta tashi, gudun taguwar kuwa kusan bai canza ba.

Wannan doka tana da iyaka. An gina ta ne a kan igiya mai laushi wadda ba ta ƙin lanƙwasa da kanta, da kuma tudu ƙarami. Waya mai kauri ta ƙarfe, irin ta cikin fiyano, tana da taurin kanta, kuma taurin ya fi tasiri a kan gajerun taguwoyi. A irin wannan waya masu saurin kaɗuwa sukan ɗan fi gudu, har masu saita fiyano suna la'akari da hakan. Haka idan aka fizgi tsirkiya da ƙarfi sosai, miƙewar da ta yi tana ƙara T na ɗan lokaci, sai ki ji muryar ta fara sama kaɗan sannan ta sauko. A gwajinki na tsakar gida, idan lokacin da kika auna ya saɓa da lissafi, ki fara duba sandar da igiyar ta ratsa: in tana riƙe igiyar, jan da ke cikinta ba daidai yake da nauyin bokitin ba. Sannan ki sake auna nauyin igiyar, domin jiƙaƙƙiya ta fi busasshiya nauyi, taguwa kuma ta fi tafiyar hawainiya a kanta.