Taken yaƙi da zubar da shara a kasuwar Muda Lawal

"Ƙungiyarmu za ta fara gangamin hana zubar da shara a kasuwar Muda Lawal da ke Bauchi. Wane take za mu sa?"

Malama, ga shawarata: "Leda a kwando, ba a lambatu ba!"

Na zaɓi leda ne da gangan. Ɓawon lemo da ruɓaɓɓen tumatir suna narkewa, amma ledar fiya wata tana nan daram, ita ce ke toshe lambatu, ruwan Agusta ya malalo har ƙarƙashin rumfunan masu kayan gwari. Taken ya faɗi abin da ke hannun mutum, ya kuma faɗi inda zai kai shi. Irin su "Mu tsabtace muhallinmu" kowa zai gyaɗa kai ya wuce, don ba a ce da shi ya yi komai ba.

Kafin ku kashe kuɗin bugawa, ku gwada shi da baki. A faɗa sau biyu a lasifika lokacin da kasuwa ta cika, sannan ku tambayi ɗan dako ko yarinya mai talla me suka ji. In suka maimaita daidai, ya zauna. In suka yi inda-inda, a rage kalmomi.

Sai dai fa kwandon ya kasance yana nan. Rabin duro a bakin kowane layi ya isa, da taken a jikinsa cikin boko da ajami, da zanen hannu yana jefa leda. Ku daidaita da shugabannin kasuwa kan mai kwashewa kullum da yamma, domin duron da ya cika ya tumbatsa sabon juji ne. Kuma don Allah kada a rubuta aya ko hadisi a jikin abin shara.