Hausa zan fara sakawa ko Turanci?

Tambaya: "Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina sayar da atamfa da leshi daga gida a nan Kano, ina so in yi tallan ragin kayan Sallah da Hausa da Turanci a rubutu ɗaya. Wanne zan sa a sama? Ƙanwata ta ce Turanci ya fi aji, ni kuma ina tsoron masu sayena su wuce ba su karanta ba."

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Wallahi ina karantawa na ji kamar ni na rubuto, don wannan maganar ta "aji" ita ta ja min asarar da har yau in na tuna sai raina ya sosu. Ni turaren wuta da humra nake yi, amma ciwon ɗaya ne.

Kafin ki saurari ƙanwarki ko ni, buɗe WhatsApp ɗinki ki koma baya, ki ƙirga mutum arba'in na ƙarshe da suka turo miki kuɗi. Masu danna alamar so da masu "nawa ne" su ɓace ba sa cikin lissafi, waɗanda kuɗinsu ya shigo kawai. Ki duba da wane harshe kowacce ta fara yi miki magana. Da na yi nawa, 31 da Hausa suka zo, yawancinsu ma da saƙon murya, 9 da Turanci. A cikin taran nan shida matan Hausawa ne mazauna Abuja, in ciniki ya yi nisa da kansu suke juyewa Hausa. Kenan mutum uku kacal nake da su da ba sa jin Hausa, amma na shekara ina sa Turanci a sama saboda su. Ki kuma duba nauyin kuɗin, don in 'yan kaɗan ɗin su ne masu ɗaukar turmi ashirin-ashirin, lissafin ya canja.

Abin da ya sa na sama yake da nauyi haka, ba duk rubutun ake nuna wa mutum ba. Instagram layi ɗaya ko biyu yake bari sannan ya yanke, Facebook ma in rubutu ya yi tsawo sai ya naɗe sauran a ƙarƙashin See more. Mace tana girki, yaro na kuka, tana zazzaga waya da hannu ɗaya, ba za ta danna don ta gano ko akwai Hausa a ƙasa ba. Abin da ta gani a layin farko shi ne tallan naki gaba ɗaya.

To ni ga abin da ya same ni. Ana saura kwana goma ƙaramar Sallah na ba wani yaro mai haɗa hotunan talla aiki, na biya shi kuɗinsa cif tun kafin ya fara. Na tura masa bayanina da Hausa. Shi ya ce min Hajiya ki bari in gyara miki shi ya zama na zamani, ya juya shi Turanci, ya sa a sama da manyan haruffa, sannan ya sake fassaro Hausar daga Turancin nasa ya maƙala ta ƙasa da ƙananan haruffa kamar ana ɓoye ta. A Turancin ya rubuta from ₦3,500, a Hausar kuwa ya yar da "daga", ya bar "turaren wuta ₦3,500" kawai, ga hoton babbar kwalba ta dubu tara a gefe. Ni kuma azumi ya ɗauke ni, ga haɗin turare a kan wuta, na kalli kyan hoton kawai na saka. Washegari mata suka yi ta turo dubu uku da ɗari biyar suna cewa a ba su ta jikin hoton. Wata baiwar Allah da ta shekara uku tana saye a wurina ta turo min murya tana cewa ba ta zaci zan yi yaudara a watan Ramadan ba. Wannan kalmar ta fi asarar ciwo, na zauna a bakin gado na yi kuka sosai. Kwalba goma sha ɗaya na bayar a kan wannan farashin don in tsira da mutuncina, ki lissafa, dubu biyar da ɗari biyar sau goma sha ɗaya, dubu sittin da ɗari biyar. Da na kira yaron, ko haƙuri bai ba ni ba, cewa ya yi ai ni na gani na amince. Kuma salon haruffan da ya zaɓa ba shi da ƙ, sai kalmar ƙamshi ta fito da ɗan akwati a farkonta, shi ma ya ce wayata ce. Har yau ban goge saƙonsa ba. Na bar shi da Allah.

Tun daga nan farashi da lambar waya sau ɗaya nake rubuta su, da lambobi, a tsakiya, inda harsunan biyu za su yi tarayya a kansu. In kin rubuta su sau biyu, wata rana za ki gyara ɗaya ki manta ɗaya. Naki zai iya zama haka:

Ragin Sallah ya zo! Atamfa da leshi, sababbin zane, daga yau zuwa Alhamis. Ana kaiwa har gida a cikin Kano.
Atamfa, yadi 6: daga ₦12,000
Sallah discount on atamfa and lace till Thursday. We send to other states.

Ki lura Turancin ba fassarar Hausar ba ce. Mai karanta shi yawanci tana nesa, abin da ya dame ta ko za ki sa mata a mota zuwa garinsu, don haka shi na gaya mata. Sunan kaya kuma ki bar shi yadda yake, ni ban taɓa fassara humra ba, wadda take nema ta san sunanta. Farashin nan misali ne, ki sa naki, kuma don Allah ki rubuta kwanan watan kusa da Alhamis ɗin, saboda ana tura talla daga waya zuwa waya har bayan mako biyu.

Kada ki yi layin Hausa, layin Turanci, layin Hausa. Ido yana gajiya, kuma na lura See translation na Facebook yakan rikice in an cakuɗa, ya fito da shirme. Kowane harshe ki tara shi wuri ɗaya. A jikin hoto kuwa harshe ɗaya ya isa, ɗayan ya tafi bayanin ƙasa, don Hausa ta fi cin wuri, in aka matsa su biyun ita ake ƙanƙantawa. Kafin ki saka, tura wa mutum biyu masu waya daban su duba ko ƙ da ɗ da ɓ sun fito, musamman ke mai atamfa, don leshi baƙi in ƙugiyar ta faɗi ya koma baki.

Af, in kina da masu saye daga Maraɗi ko Damagaram, Turancin nan ba abin da zai yi musu, bokonsu Faransanci ne, Hausar ce ta haɗa ku. Ki rubuta musu naira ƙarara, don in suka ce jaka, sefa dubu ɗaya suke nufi, mu kuma naira ɗari biyu muka sani. Na taɓa shafe rabin awa muna ja-in-ja da wata Hajiya a kan wannan, kowa na ganin ɗan uwansa ne bai gane ba.

In ƙirgen naki ya fito rabi da rabi, ki daina haɗawa, ki yi talla biyu: Hausa a sitatus na WhatsApp da Facebook, Turanci a Instagram, in can 'yan Abuja da Legas ɗinki suke. Ki sa kalma daban a kowanne, misali na Hausa a ce a turo "Sallah", ɗayan a turo lace, bayan mako ɗaya ki ga wanne ya kawo kuɗi. Ƙanwarki ma ki ba ta ta riƙe miki ƙirgen. Allah Ya kawo kasuwa mai albarka, in kin gwada ki dawo ki gaya mana yadda ta kaya.